Neman Izinin Fashin Aiki: Yaushe Imel Yake Wadatarwa, Yaushe Sai Takarda?



Mai girma shugaban taro, shugabannin ƙungiyarmu ta malamai, iyayenmu shugabannin makarantu, 'yan uwa malamai maza da mata na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da iyalanmu da suka samu halarta, muna yi muku barka da zuwa. Allah Ya sa yadda muka taru lafiya mu watse lafiya.

An ɗora mana yin magana a kan abin da ido yake rainawa, amma ya sha jawo wa malami tsayar da albashi. Abin kuwa shi ne yadda ake neman izinin fashin aiki. A da hanya ɗaya ce: mutum ya zauna ya rubuta takarda, ya kai wa hedimasta hannu da hannu. Yau kuwa kusan kowannenmu yana da waya a aljihu, kuma ƙannenmu da suka fito kwaleji kwanan nan sun fi sakin jiki da imel. Har gardama takan tashi a ɗakin malamai, wasu su ce takarda ta zama tsohon yayi, wasu su ce imel raini ne ga na gaba. Mu a ganinmu kowanne yana da muhallinsa, kuma za mu fi gane muhallin idan muka fara da abin da ya faru da ɗaya daga cikinmu.

Wani abokin aikinmu ne, malamin aji biyar, mutum mai ƙwazo wanda ba a san shi da fashi ba. Ranar wata Lahadi da dare jikin mahaifinsa ya tsananta, aka yanke shawarar a fita da shi asibiti da asuba. Kafin ya kwanta sai ya ɗauki waya ya rubuta wa hedimastansa imel, ya ce mahaifinsa ba lafiya, zai kai shi asibiti, yana neman izinin kwana biyu. Ya latsa aikawa, ya ajiye waya, hankalinsa ya kwanta cewa ya sauke nauyi. Da safe suka isa Funtuwa, daga can aka tura su Zariya, aka ba tsohon gado. Malam bai koma aji ba sai ranar Alhamis ta mako na biyu, wato ya rasa kwana takwas na aiki. A ranar Talata ta makon farko kuwa jami'an duba makarantu suka zo, suka buɗe littafin sa hannu, suka ga gurbinsa babu komai kwana biyu a jere. Suka tambayi hedimasta, ya ce shi dai ya ji a gari cewa tsohon ba lafiya, amma babu wata takarda a hannunsa. Aka ja jan layi, aka ɗauki suna. Da Malam ya dawo ya tarar da takardar tuhuma tana jiransa, ƙarshen wata kuma bai ji ƙarar shigar albashi ba, ga bashin magani a wuyansa.

Idan muka warware wannan labari za mu ga kuskure huɗu, kuma babu ko ɗaya da ya fito daga mugun nufi. Na farko, imel ɗin bai fita a daren ba. Sabis ya yi rauni a garin, saƙon ya kwana a cikin Outbox, bai tashi ba sai da wayar ta samu sabis a Funtuwa wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Litinin, bayan an riga an rufe littafin sa hannu. Na biyu, adireshin da ya aika wa na hedimasta ne da gaske, amma akwatin da aka buɗe masa ne shekarun baya don wata rajista, bai sake leƙa shi ba tun daga ranar. Na uku, ya rubuta "kwana biyu". A bakin Bahaushe kwana biyu na iya zama mako, na iya zama wata, shi ya sa muke cewa "kwana biyu ba mu haɗu ba" ga wanda muka shekara ba mu gani ba. A ofis kuwa kwana biyu Litinin da Talata ne, ba ƙari. Na huɗu, bai samu amsa ba, bai kuma nemi amsar ba. Ya ɗauki aika saƙo a matsayin samun izini.

Daga nan za mu iya fitar da ma'auni. Duk neman izini, ko ta wace hanya aka bi, dole ne ya cika sharaɗi uku. Ya isa hannun wanda ke da ikon bayar da izinin a kan lokaci. Ya bar mana shaida a hannunmu wadda za mu iya nunawa bayan wata shida. Sannan ya dawo mana da amincewa a rubuce. Da waɗannan ukun za mu auna imel, mu kuma auna takarda.

Kafin nan, mu tuna dalilin da ya sa abin yake da nauyi. A dokokin aikin gwamnati na tarayya, waɗanda jihohi ke ɗora nasu a kansu, barin wurin aiki ba tare da izini ba yana cikin manyan laifuka, irin waɗanda hukuncinsu kan iya kai wa ga kora. Haka kuma ɗan gajeren izinin uzuri yana da iyaka: ba ya wuce kwana bakwai a shekara sai da amincewar na sama. Mu malaman firamare jerin shugabancinmu sananne ne. Hedimasta ne na farko, sai ofishin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, sai Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha, wato SUBEB, a Katsina. Fayil ɗinmu ba ya makaranta, yana ofis. Saboda haka tambayar farko da za mu yi wa kanmu ita ce: wannan izini da muke nema, a teburin hedimasta zai tsaya, ko kuwa sai ya hau sama ya shiga fayil? Amsar wannan tambaya ita ce rabin zaɓin.

To, mu ɗauki takarda. Ƙarfinta shi ne ta dace da yadda ofisoshinmu suke aiki. Magatakarda yana karɓar takarda, ya buga mata hatimi, ya shigar da ita rajista, ya huda ta ya sa a fayil, shugaba ya yi rubutu a gefenta da alƙalami. Takardar da za ta je wa Sakataren Ilimi ba ta tsallake hedimasta. Sunan Sakatare muke sawa a sama, a ƙarƙashinsa mu rubuta cewa ta hannun shugaban makaranta kaza ta biyo, shi kuma ya rubuta ra'ayinsa a gefe, ya sa hannu da kwanan wata. Wannan ɗan rubutun gefe shi ne ran takardar, domin shi ke nuna cewa wanda ke ganinmu kullum ya san da tafiyar kuma ya san wanda zai riƙe ajin.

Abin da muka fi sakaci da shi shi ne kwafin shaida. Kada mu taɓa miƙa takarda guda ɗaya mu juya. Mu yi kwafi uku: ɗaya na ofis, ɗaya na makaranta, ɗaya namu. A kan namu, wanda ya karɓa ya rubuta cewa ya karɓa, ya sa sunansa da hannunsa da kwanan wata, in akwai hatimi ya buga. Takardar da ba ta da kwafin shaida, in ta faɗa bayan kabad ko ruwan sama ya jiƙa ta, daidai take da maganar baka. Kuma da zarar an sa wa kwafinmu hannu, mu ɗauki hotonsa da waya, domin gara da ɓera ba su san darajar takarda ba. Ba dole ne sai an buga ta da na'ura ba. In babu wuta a shagon buga takardu, rubutun hannu mai tsabta a farar takarda ya wadatar, in dai an kwafe shi sau uku ko an yi fotokwafi.

Duk izinin da aka san da zuwansa tun da wuri, kuma mai tsawo, kuma mai buƙatar wata shaida a manne, na takarda ne. Hutun haihuwa yana tafiya da takardar likita mai nuna lokacin da ake sa ran haihuwa. Izinin ƙaro karatu, ko a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, ko ta Tarayya da ke Katsina, ko Jami'ar Ahmadu Bello, yana tafiya da takardar samun gurbi, kuma wannan bai kamata malami ya ɗaga ƙafa ba sai takardar amincewa ta fito ta shiga hannunsa, domin ita za a nema ranar da ya dawo da sabuwar shaidar karatu yana son a gyara masa mataki. Haka tafiya aikin Hajji, haka doguwar jinya. Haka kuma 'yar uwarmu da ta shiga takaba: wata huɗu da kwana goma ba abin da za a bari a kan "ai kowa ya sani" ba ne. Ita tana gida, amma wani daga danginta ko wakilin ƙungiya ya kai mata takarda ya karɓo kwafin shaida.

Sai dai takarda tana da rauni guda babba, kuma mu mutanen wannan yanki mun fi kowa saninsa: sai ƙafa ta kai ta. Wanda aka tasa da tsakar dare da marar lafiya ba shi da lokacin neman hedimasta. Wanda labarin rasuwa ya riska yana wani gari ba zai fara dawowa makaranta ba. Akwai kuma ranakun da hanya ba ta biyuwa, kowa a ɗakin nan ya san abin da muke nufi. Ba za mu ce wa malami ya hau babur ya bi daji don ya miƙa takardar izinin kwana ɗaya ba. Rai ya fi takarda.

A nan ne imel yake da amfani. Yana tafiya cikin daƙiƙa in akwai sabis, yana ɗauke da rana da sa'ar da aka aika shi, kuma kwafinsa yana zaune a cikin Sent ko da wayar ta ɓace, domin a akwatin yake, ba a jikin wayar kaɗai ba. Dokar Shaida ta ƙasa ta shekarar 2011, a sashe na 84, ta yarda a karɓi bayanan da suka fito daga na'ura mai ƙwaƙwalwa a gaban kotu idan an cika sharuɗɗanta. Saboda haka wanda ya ce imel ba shaida ba ne bai yi daidai ba. A labarin abokinmu ma, wannan imel da ya makara shi ne ya taimake shi daga baya.

Amma imel yana cika sharaɗi na biyu ne da kansa, wato shaida. Sharaɗi na ɗaya da na uku sai mun taimaka masa. Bayan mun latsa aikawa, mu buɗe Sent mu gani da idonmu cewa saƙon yana ciki. In yana Outbox, bai tafi ba. In kuma muka ga wani saƙo ya dawo mana daga Mail Delivery Subsystem yana cewa Address not found, to mun yi kuskure a adireshin, ko da harafi ɗaya ne. Sannan mu kira shugaba a waya mu ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ya same ni, na kuma turo maka a rubuce, don Allah a duba a amsa mini." Kiran nan shi ke biyan haƙƙin ladabi, shi ke kuma tabbatar da cewa saƙon ya isa. Amsar da muke nema ba doguwa ba ce. Kalma biyu, "na amince", sun isa, in dai a rubuce suke. In shugabanmu ba mai buɗe imel ba ne, mu tura masa maganar nan dai ta tes ko ta WhatsApp, mu ɗauki hoton fuskar wayar da amsarsa, domin saƙon WhatsApp wanda ya aiko shi yana iya goge shi.

Yawancin wasiƙun ofis da Turanci muke rubuta su, amma ƙashin bayansu ɗaya ne a kowane harshe. Ga yadda imel ɗin abokinmu ya kamata ya kasance. A layin kan magana ya sa: neman izinin kwana uku, daga 3 zuwa 5 ga Fabrairu, sai sunansa. A ciki ya ce:

"Ranka ya daɗe, ina neman izinin fashin aiki na kwana uku, daga Litinin 3 ga Fabrairu zuwa Laraba 5 ga Fabrairu 2025, domin kai mahaifina asibiti. Zan dawo bakin aiki ranar Alhamis 6 ga wata in Allah Ya yarda. Na yi magana da malamin aji huɗu, ya yarda zai riƙe aji biyar, kuma littafin shirin darasi yana cikin kabad ɗin ajin. Zan kawo takarda da shaidar asibiti ranar da na dawo. Ina roƙon a amsa mini a rubuce."

Sai cikakken suna, da lambar fayil, da sunan makaranta, da lambar waya. Mu lura da abin da ke ciki: ranar farawa, ranar ƙarewa, ranar dawowa, dalili a jimla ɗaya, da wanda zai riƙe yara. Babu doguwar gaisuwa, babu bayanin irin ciwon dalla-dalla, domin imel ana iya tura shi gaba ga wanda ba mu yi niyya ba, kuma sirrin marar lafiya amana ne. Idan kuma ranar Laraba ta yi likita bai sallame su ba, sai ya sake aika wani a ƙarƙashin na farko, kafin wa'adin ya cika, ya faɗi sabuwar rana. Izinin kwana uku ba ya miƙewa da kansa ya zama na kwana takwas. Da zarar kwanakin sun kai haka kuma, maganar ta fi ƙarfin hedimasta shi kaɗai, sai ta hau zuwa ofis, wato ta koma ta takarda.

Kada kuma mu manta da abin da muka gani da idonmu. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku na jihar nan saboda matsalar tsaro, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kuma mu ba a dawo mana da su ba sai bayan sama da wata uku. Duk tsawon lokacin nan babu kira, babu tes, balle imel. A lokacin wanda ya saba da takarda bai rasa hanya ba: ya rubuta, ya ba ɗalibi ko maƙwabci ko direban da ya yarda da shi. Darasin shi ne kada malamin wannan yanki ya dogara da hanya ɗaya. Ya kamata kowannenmu ya ajiye farar takarda da biro a gida kamar yadda yake ajiye cajar waya.

To yaya abokin namu ya ƙare? Takardar tuhumar ta ba shi awa 48 ya yi bayani, ya kuma amsa a cikin wa'adin, a kan takarda, ta hannun hedimasta. Bai yi musu ba, bai ɗora wa kowa laifi ba. Ya jera abin da ya faru rana bayan rana, ya manna kwafin imel ɗin da aka buga mai nuna ranar Litinin da sa'ar da ya fita, da katin asibiti, da takardar sallama, da rasit na magani. Wakilin ƙungiya ya raka shi. Aka karɓi uzurinsa tare da gargaɗi, domin imel ɗin ya nuna cewa ya yi niyyar sanarwa tun ranar farko, ko da yake bai nuna an ba shi izini ba. Amma sunan da aka cire daga jerin biya ba ya komawa rana ɗaya. Sai da ya yi wata biyu kafin kuɗin su fito. A cikin wata biyun nan ya sayar da tunkiyar da yake kiwo don Babbar Salla. Kiran waya na minti ɗaya a safiyar Litinin, da takarda guda da ƙaninsa zai kai makaranta, da sun hana duk wannan.

Muna da roƙo ga iyayenmu shugabannin makarantu. A farkon kowane zango, a taron malamai na farko, a faɗa a fili wace lamba da wane adireshi ake dubawa, a rubuta shi a manna a ɗakin malamai. Idan saƙon neman izini ya zo, a amsa shi a rubuce, ko amincewa ko ƙi, sannan a shigar da shi littafin makaranta a ranar: wane ya nemi izini ta waya da ƙarfe kaza, an ba shi kwana kaza, wane ke riƙe ajinsa. Wannan layi ɗaya shi ne abin da jami'in dubawa zai gani, kuma yana kare hedimasta kamar yadda yake kare malami.

Muna kuma da magana da iyalanmu, matanmu da mazajen malamai mata da manyan 'ya'yanmu. Akwai ranar da malami ba zai iya rubuta komai da kansa ba, ko don ciwo ya kwantar da shi, ko don wata jarrabawa da muke roƙon Allah Ya tsare mu da ita. A irin wannan rana ku ne bakinsa. Ku san lambar hedimasta, ku san lambar wakilin ƙungiya, ku san inda lambar fayil take a rubuce. Ku kira a ranar farko, sannan wani ya kai takarda mai layi uku da ke faɗin abin da ya faru da ranar da ya faru, ya karɓo kwafin da aka sa wa hannu. Kada a ce ai duk gari an sani. Gari ya sani, amma fayil bai sani ba, kuma da fayil ake biyan albashi.

Saboda haka, idan aka tambaye mu a taƙaice, ga abin da za mu ce. Uzurin gaggawa na kwana ɗaya zuwa uku, wanda hedimasta zai iya yanke hukunci a kansa, imel ko saƙon waya ya dace da shi, tare da kira da kuma amsa a rubuce, sai takarda ta biyo baya ranar dawowa don ta shiga fayil. Izinin da aka san da shi tun da wuri, ko mai tsawo, ko wanda ya shafi albashi da mataki, na takarda ne, kwafi uku, ta hannun shugaban makaranta, kuma ba a tafiya sai amincewa ta fito. Wanda yake shakka a kan wanne ya dace da shi, ya yi duka biyun.

Abin da muka faɗa daidai, Allah Ya amfanar da mu da shi. Inda muka yi kuskure, akwai waɗanda suka riga mu shiga aikin nan a zaune, muna jiran gyaransu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu da hanyoyinmu.